Amsar Wasiƙa: Takardar Shaida Ga Abokin Aiki Mai Neman Aikin Sito A Dawanau

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tana da nauyi, kuma na san ba mai ita kaɗai abin ya dama ba. Ta fito ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Dambatta. Mai wasiƙar ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa ko na mutumin da yake magana a kansa, mun kuwa amsa masa, saboda haka za mu riƙa cewa Malam Wane. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni ne sakataren ƙungiyar manoma ta garinmu. Muna da abokin aiki wanda ya riƙe mana sito damina biyar. Yanzu ya ji labarin wani Alhaji mai sayen wake da riɗi a kasuwar Dawanau yana neman mai kula da sito, an ce ya kawo takardar shaida daga inda ya taɓa aiki. Na zauna na rubuta cewa na san Malam Wane tun da daɗewa, mutumin kirki ne, mai gaskiya da riƙon amana, mai ƙwazo, ba shi da abokin faɗa, a taimaka masa don Allah. Da na karanta wa shugabanmu sai ya yi dariya, ya ce wannan ai ko ɓarawon akuya ana iya rubuta masa ita. Mutumin nan yana da iyali tara, gonarsa ta gado ba ta kai eka biyu ba, idan aikin nan ya kuɓuce masa saboda rubutuna ba zan ji daɗi ba. Yaya zan yi?"

To Malam Sakatare, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya bar zumunci. Shugabanku ya faɗi gaskiya, sai dai ya faɗe ta da barkono. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin takardarka. Matsalarta ita ce ka rubuta ta kana kallon Malam Wane, kana jin tausayinsa, alhali wanda zai karanta ta yana zaune a Dawanau, bai taɓa ganin Malam Wane ba, kai ma bai san ka ba. Kalmomin nan, mai gaskiya, mai riƙon amana, mai ƙwazo, duk wanda ya zo neman aikin zai zo da su a aljihu.

Ni kaina abin ya taɓa cina. Lokacin da na gama kwalejin horon malamai na fara koyarwa, na nemi wani aiki, na je wurin shugaban makarantarmu ya ba ni takardar shaida. Ranar ganawa muka haɗu mu uku daga wuri ɗaya, ashe takarda iri ɗaya ya ba mu, suna kawai aka sauya, har kuskuren rubutun da ke layi na biyu duk iri ɗaya ne. Mai ganawar ya jera su a kan tebur, ya dube mu, ya tura su gefe. Shi shugaban namu da zuciya ɗaya ya yi, amma babu wanda takardar ta amfana a cikinmu.

Abu na farko, kafin ka ɗauki biro, ka kira Malam Wane ku zauna, ka tambaye shi wane irin aiki ne takamaimai, kuma wa zai karanta takardar. Aikin sito kala-kala ne. Akwai wanda makulli kawai zai riƙe, akwai wanda zai tsaya a kan sikeli yana karɓar kaya daga dillalai, akwai wanda har kuɗin 'yan dako za a riƙa danƙa masa. Idan shi ma bai sani ba, ya koma ya tambayi wanda ya kawo masa labarin. Daga nan sai ka sa kanka a matsayin Alhajin. Dawanau kasuwa ce da tirela ke lodi ta nufi Legas ko ta ƙetare iyaka, kuma mai sito a can yana iya kwana da buhu dubu a bayan makulli ɗaya. Me ke hana maigidan irin wannan wuri barci? Yana tsoron buhu ya shiga ɗari ya fito casa'in da takwas. Yana tsoron ƙwaro ko danshi su cinye masa wake ba wanda ya gaya masa sai ranar lodi. Yana kuma tsoron tsiyaya, wato a riƙa zare kwano ɗaya daga kowane buhu a mayar a ɗinke. Ka lissafa da kanka: buhun hatsi kwano arba'in ne a awon da muka saba, tirela kuwa tana ɗaukar buhu 300. Kwano ɗaya-ɗaya ya zama kwano 300, wato buhu bakwai da rabi sun tafi, alhali ƙidayar buhu ta cika cif. Wannan shi ne abin da ke zuciyar mai karanta takardarka. Duk layin da bai taɓa ɗaya daga cikin waɗannan tsoro ba, ɓata takarda ne.

Malamanmu sukan kawo labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da wani mutum da ya zo zai wanke wani a gabansa. Ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da mutumin ya ce babu ko ɗaya, sai ya gaya masa cewa ashe bai san shi ba. To kai Malam Sakatare, ka fi wancan mutumin hujja nesa ba kusa ba, domin dukiyar mutane ta ratsa hannun Malam Wane a gaban idonka shekara biyar, kuma kai ne mai littafi. Amma a takardarka sai ka ce ka san shi "tun da daɗewa". Daɗewa nawa? A ina? A matsayin me? Layin farko na takardar shaida, a kanka yake magana kafin ya zo kan mai neman aiki. Sai mai karatu ya gamsu cewa kana tsaye a inda za ka ga abin da kake faɗa, sannan sauran maganar za ta yi nauyi.

Saboda haka ne da wasiƙarka ta iso na buga maka waya, na ce ka ɗauko littafin shiga da fita na ƙungiya ka karanta mini. Ka ba ni izini in faɗa wa masu sauraro abin da muka tono, don su ga yadda ake yi.

Mun samu cewa ƙungiyarku tana da mutum 62, kuma Malam Wane ya riƙe makulli daga daminar 2020 zuwa kakar 2024. A daminar 2023 kun haɗa kuɗi kun sayo takin zamani buhu 300, kamfa da yuriya, wato rabin tirela ke nan, tun da tirelar taki buhu 600 take ɗauka mai kilo hamsin-hamsin. Shi ya karɓa, shi ya raba cikin kwana huɗu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban sunansa, kuma da aka rufe littafi lissafi ya fita daidai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin rabon taki ya san abin da wannan ke nufi. Rana ce da ɗan'uwa ke zuwa ya ce a ƙara masa ɗaya a rubuta da sunan wanda bai zo ba, mai unguwa ya aiko yaro, suruki ya tsaya a bakin ƙofa. Mutumin da ya fita daga rabon buhu 300 ba tare da an kai ƙararsa ba, ba ka bukatar ka ce mai gaskiya ne. Ka faɗi abin da ya faru, Alhajin zai faɗi kalmar da bakinsa.

Sai maganar wake, wadda ta fi jan hankalina. Ka gaya mini cewa a watan Nuwamba na 2022 'yan ƙungiya sun ajiye wake buhu 180 a siton, cikin buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa tamau don iska ta kasa shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an sa magani ba. A watan Mayu na 2023 aka fitar da 177 lafiya lau. Uku sun lalace. Da ka zo nan sai ka yi shiru, ka ce mini, "Wannan kam ba za mu sa ba ko?" Na ce maka wannan ne ma za mu sa a tsakiyar takarda.

Ga dalili. Ɓera ne ya huda ledar buhu ukun, iska ta shiga, ƙwaro ya farfaɗo. Malam Wane ne ya gano da kansa a watan Fabrairu, domin duk mako biyu yakan zaga yana taɓa buhunan, yana duba ƙasa ko akwai garin wake ko kashin ɓera. A ranar ya zo ya same ka, aka rubuta a littafi, aka kira masu buhunan suka gani da idonsu, ya ware su daga sauran. Bayan haka ya toshe ramukan da siminti, ya ɗora buhuna a kan katako, ya janye su daga jikin bango. A kakar da ta biyo baya aka ajiye buhu 210, ba a yi asarar ko ɗaya ba. To Alhajin da ya shekara ashirin yana ajiye wake ya san babu siton da ba a taɓa asara a cikinsa ba. Idan ka rubuta masa cewa shekara biyar ko ƙwaya ba ta taɓa lalacewa ba, zai ce ko dai sakataren nan bai san sito ba, ko kuma yana rufa wa abokinsa asiri. Amma idan ya ga buhu uku cikin 180, wato bai kai biyu cikin ɗari ba, ya ga kuma mai siton ne ya kawo rahoto da ƙafarsa tun ba a tambaye shi ba, to ka amsa masa babbar tambayarsa: ranar da abu ya ɓaci, wannan mutumin zai gaya mini ko zai ɓoye?

Sai dai a kula, ban ce a tono wa mutum asiri ba. Kuskuren da ake sawa a takarda shi ne wanda ya shafi aikin, aka gyara shi, kuma mai shi ya yarda a faɗa. Rigimar gida, ko bashin da ke kansa, ko rashin lafiyar da ya yi bara ya warke, ba su da wuri a nan. Kuma kafin ka sa hannu ka karanta wa Malam Wane takardar daga farko har ƙarshe, don kada a yi masa tambaya a Dawanau a kan buhu ukun nan ya tsaya yana zare ido.

Yanzu sai iyakar shaidarka. Na tambaye ka ko Malam Wane ya taɓa riƙe kuɗin ƙungiya, ka ce a'a, ma'aji ne ke riƙewa. Na tambaye ka ko kuna da sikeli, ka ce babu, da kwano kuke awo, kowa ya ɗinke buhunsa ya rubuta sunansa a jiki. To kada ka rubuta cewa ya ƙware a kan sikeli, kada kuma ka ce an gwada shi da kuɗi. Ka rubuta abin da ka sani: a shekara biyar babu ɗan ƙungiyar da ya kawo ƙarar cewa buhunsa ya ragu ko an taɓa ɗinkinsa. Wannan ita ce amsarka ga tsoron tsiyaya, kuma gaskiya ce. Haka maganar karatu. Yana rubutun boko da Hausa, yana lissafi, yana rubuta rasit, amma Turancinsa kaɗan ne, bai kuma taɓa aiki da kwamfuta ba. Waɗansu za su ce a yi shiru a kan wannan. Ni ban ga haka ba. Idan aikin na kwamfuta ne, ranar farko asiri zai tonu, a sallame shi ya dawo gida bayan ya riga ya bayar da jinginar gonarsa ya kama ɗaki a birni. Idan kuwa na littafi da biro ne, ka ga ba a rasa komai ba, kuma mai karatu ya ƙara yarda da sauran abin da ka faɗa, tun da ya ga kai mutum ne mai cewa "nan ban sani ba".

Akwai tambaya ɗaya da kowane mai ɗaukar ma'aikaci yake yi a ransa ko bai furta ba: in yana da kyau haka, me ya sa kuka sake shi? Ka amsa ta da layi ɗaya. Ƙungiya ba ta biyan albashi sai ɗan ihsani bayan kaka, iyali sun ƙaru, gona kuwa a wannan yanki namu kowa ya san yadda gado ya yayyanka ta. Amma ka faɗe shi a matsayin dalilin tafiya, kada ka mai da shi roƙo. Kalmar nan ta "a taimaka masa don Allah" ka cire ta. Mai neman wanda zai danƙa wa makullin dukiyarsa, idan ya ji ana nanata masa talaucin mutum, wani tunani daban yake zo masa.

Ga yadda takardar za ta kasance idan an haɗa. Bayan sunan ƙungiya da garinku da kwanan wata a sama, sai ka ce:

"Zuwa ga Alhaji Wane, Kasuwar Dawanau. Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wannan ƙungiya mai mutum 62 tun 2018, kuma ni ke riƙe da littafin shiga da fita. Malam Wane ya riƙe mana sito daga daminar 2020 zuwa kakar 2024. Shi ke karɓar kaya, ni ke rubutawa, mukan kuma haɗa lissafi ni da shi kowane ƙarshen wata. Ba ɗan'uwana ba ne, ba kuma surukina ba.

"A daminar 2023 ya karɓi takin zamani buhu 300, ya raba wa 'yan ƙungiya cikin kwana huɗu, kowa da sa hannunsa, lissafi ya cika. A Nuwamban 2022 an ajiye wake buhu 180 a hannunsa, an fitar da 177 a Mayun 2023. Buhu uku ɓera ya huda, shi ya gano, ya kawo rahoto a ranar, ya gyara siton. A kakar 2023 an ajiye 210, an fitar da 210. A duk shekarun nan babu wanda ya kawo ƙarar an rage masa buhu.

"Yana rubutu da lissafi da Hausa. Bai riƙe mana kuɗi ba, ba mu kuma da sikeli, saboda haka ba ni da shaida a kan waɗannan biyun. Zai bar mu ne don ƙungiya ba ta biyan albashi. Da muna da halin biyansa da ba mu sake shi ba, kuma in ya dawo gobe za mu mayar masa da makulli. Littafinmu yana nan ga duk wanda kuka aiko ya duba. Wassalam."

Sai sunanka cikakke, da muƙaminka, da lambar wayarka, da sa hannu, da hatimin ƙungiya in kuna da shi. Idan shugaba zai ƙara nasa sa hannun a ƙasa, ya fi. Ka lura ba ta wuce shafi ɗaya ba, kuma kalmar "mai gaskiya" ba ta fito a cikinta ko sau ɗaya ba.

Layin nan da ya ce ba ɗan'uwanka ba ne, kada ka ɗauke shi wasa. A ƙasarmu ta Bichi da Dambatta da Makoda da Tsanyawa gari yana jikin gari, aure ya sarƙe ko'ina, kuma ranar Lahadi ɗaya a kasuwar Dambatta ta ishi yaron Alhaji ya gano ko kai wane ne a wurin Malam Wane. Idan akwai dangantaka, ka faɗe ta da kanka, ka ce ƙanin matata ne, amma ga littafi, ga shugaba da ma'aji a tambaye su. Dangantakar da aka bayyana ba ta kashe takarda. Wadda aka ɓoye aka gano daga baya ita ke kashe ta, ta haɗa da sunanka.

Game da harshe kuwa, ka rubuta da wanda mai karatu ke ji. Alhajin Dawanau, Hausa ta ishe shi. Idan kamfani ne mai fitar da riɗi ko zoɓo waje, ko wata hukuma kamar KNARDA, inda fayil da Turanci yake tafiya, to ka fara rubuta taka da Hausa, ka kai wa malamin makaranta ya juya. Amma ka sa wani daban ya karanta maka ta Turancin ya mayar maka da Hausa kafin ka sa hannu. Masu shagon buga takardu da yawa suna da tsohuwar takarda ajiye a kwamfuta, suna kawai suke sauyawa, irin wadda aka ba mu mu uku. Ka tsaya a kansu su buga taka, kuma ka duba lambobin da idonka, don 180 ba ta da wuyar zama 1800. Ka ajiye kwafi ɗaya a fayil ɗin ƙungiya. Malam Wane ya kai ta asali a cikin ambulan, kada ya tsaya ga hoton da aka ɗauka da waya. Idan kuma wani wuri daban zai nema bayan wannan, misali aikin raba iri da taki, a sake rubuta wata a sa labarin taki a gaba. Takardar da aka rubuta "ga duk wanda abin ya shafa" tana aiki, amma ba ta kai wadda ta kira sunan mai karatu ba.

To yanzu ga inda nake so kai da duk masu sauraro ku buɗe kunne da kyau. Takardar shaida daban, tsaya wa mutum daban. Sau da yawa bayan an karɓi takarda sai a miƙo wa mai neman aiki wani fom, a ce ya kai wa wanda zai tsaya masa ya cika, ya manna hoton fasfo, ya sa lambar katin ɗan ƙasa da adireshin gida. Wannan fom lamuni ne. A takardar shaida kana faɗin abin da ka gani a baya ne, abin da ke kanka shi ne kada ka yi ƙarya. A fom ɗin lamuni kuwa alkawari kake ɗauka a kan abin da bai faru ba tukuna. Malaman fiƙihu sun bambance lamunin dukiya, wato in ya ci ka biya, da lamunin fuska, wato in an neme shi ka kawo shi. Yawancin fom ɗin da ake bayarwa yanzu sun haɗa duka biyun a cikin ƙananan layukan da ke ƙasa, waɗanda ba a cika karantawa ba. Idan buhu hamsin suka yi ƙafa a Dawanau, ko da ba Malam Wane ne ya ɗauka ba, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Ban ce kada ka tsaya masa ba. Tun zamanin fatauci haka kasuwancinmu yake tafiya, baƙo ya sauka a gidan fatoma, fatoma ya tsaya masa a ba shi kaya bashi, kuma da ba a yin haka da ɗan talaka bai taɓa shiga kasuwa ba. Abin da nake cewa shi ne ka san wanne kake sa wa hannu. A karanta maka fom ɗin duka. Ka tambaya ko akwai iyakar kuɗin da lamunin ya tsaya a kai, da ranar da zai ƙare, da yadda za ka janye in ka so. Kada ka sa hannu a fom ɗin da aka bar gurabensa ba a cike ba. Kuma kada ka buga hatimin ƙungiya a kan lamuni sai an yi taro an yarda, domin ba ka da ikon jingina dukiyar mutum 62 kai kaɗai.

Wani zai ce, to idan wanda ya zo neman takardar ban yarda da shi ba fa? Wannan ya fi wuya a ƙauye, inda gobe za ku haɗu a masallaci. Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce ka ce masa, abin da zan iya rubutawa shi ne ka yi aiki da mu daga shekara kaza zuwa shekara kaza a matsayin kaza, ba zan wuce nan ba, in kana da wanda ya fi ni sanin aikinka gara ka je wurinsa. Mai hankali zai gane. Abin da ba shi da kyau shi ne ka rubuta masa yabo a takarda, sannan in an bugo waya ka sauya murya ka ce "to, sai dai a yi hattara". Ka cuce shi, ka kuma nuna wa mai tambaya cewa sa hannunka ba ya nufin komai, gobe in ka rubuta wa mutumin kirki ba mai kulawa.

Da yake na ambaci waya, kai ma ka shirya mata, don a Dawanau takarda share fage ce kawai, maganar baki ce ke yanke hukunci. Lambar da ka rubuta ta zama wadda ke hannunka, ba ta yaron gida ba, kuma in ka ga baƙuwar lamba cikin makon nan ka ɗauka. Littafin ƙungiya ya kasance kusa da kai. Za a iya tambayarka wace shekara ce aka yi asarar waken, ko buhu nawa ne takin. Idan ka ce 300 a takarda ka ce 400 a waya, ko da mantuwa ce, ta ɓata. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, ga lambar ma'aji. Kuma idan akwai dillalin da ke sayen wakenku yana kaiwa Dawanau, wanda ya taɓa lodi a sitonku ya ga yadda Malam Wane ke jera kaya, ka nemi izininsa ka ƙara sunansa da lambarsa a ƙasan takardar, domin mai yiwuwa Alhajin ya san fuskarsa.

Malam Sakatare, ka ce ranar Asabar Malam Wane zai shiga Kano. Ka zauna da shugaba da ma'aji kafin ranar, ku sake bin lambobin nan a littafi ɗaya bayan ɗaya, don ni ta waya na ji su. In Allah Ya sa an dace, ko ma ba a dace ba, ka rubuto mana mu ji abin da Alhajin ya tambaya.